Hoton Neman Aiki: Bango Da Launin Fata

Yawancin hotunan fasfo da ake liƙawa a takardar neman aiki ko makaranta, daga bango suke lalacewa. Idan mutum ya jingina da bango, inuwarsa kan fito a bayan kunnuwa, sai farin ya yi dabbare-dabbare. Maganinsa shi ne ya matso gaba kamar mita 1, ya fuskanci taga da hantsi, a kashe fitilar kyamara. Hasken taga yakan bazu a fuska baki ɗaya, ba ya barin ƙyalli a goshi.

Sai batun fata, wanda ya fi damuna. Kyamara na auna hasken hoton gaba ɗaya, don haka farin bango da farar riga kan sa ta rage haske, fuskar mai duhun fata ta dushe. Mai hoto sai ya gyara a kwamfuta, ya wuce gona da iri, mutum ya fito fari fat kamar ba shi ba. Gara a taɓa fuskar a allon waya, a ƙara haske kaɗan kafin a ɗauka, a kuma kashe tacen kwalliya. Jami'in da zai tantance ka, fuskarka zai kwatanta da hoton.