Ayyukan Manaja Huɗu Ne ko Biyar? Tantance Amsa Idan Littafi da Handawut Sun Saɓa

Takardar amsoshi ita ce jerin da ake bugawa a ƙarshen littafin karatu ko a bayan tarin tsofaffin tambayoyin jarrabawa, don ɗalibi ya gwada abin da ya zaɓa da abin da aka ce shi ne daidai. A darasin lissafi ba a cika jayayya a kanta ba. A darasin gudanarwa kuwa, wato ilimin tafiyar da kamfani ko ma'aikata, sau da yawa ɗalibi yakan tarar takardar ta ce wannan, littafi ya goyi bayanta, handawut ɗin lakcara kuma ya ce wancan. Babu inda hakan ya fi faruwa kamar a tambayar da kusan kowane kwas na gudanarwa yake farawa da ita: mene ne ayyukan manaja, kuma guda nawa ne?

Tushen rikicin shi ne jerin ba ɗaya ba ne. Henri Fayol, injiniyan ma'adinai ɗan Faransa wanda ya shugabanci wani babban kamfanin kwal da ƙarfe daga 1888 zuwa 1918, ya fitar da nasa a 1916. Ya kawo guda biyar: hangen gaba da yin shiri, tsara aiki, ba da umarni, daidaitawa, da bin diddigi. A 1937 Luther Gulick na Amurka ya faɗaɗa su zuwa bakwai, waɗanda ɗaliban sashen mulki suke haddacewa da haruffan POSDCORB; a cikinsu akwai samar da ma'aikata, ba da rahoto da kasafin kuɗi. A 1955 Harold Koontz da Cyril O'Donnell suka wallafa littafinsu da nasu biyar ɗin: shiri, tsara aiki, samar da ma'aikata, jagorantar aiki, da bin diddigi. Littattafan zamani da yawa, irin na Stephen Robbins da Mary Coulter, sun dunƙule su zuwa huɗu: shiri, tsara aiki, jagoranci, da bin diddigi.

Abin lura a nan shi ne akwai biyar iri biyu, kuma ba su yi daidai da juna ba. A nan ɗalibai suka fi faɗawa rami.

Ga misali, a ɗauki tambayar canki-canka da ta ce: wanne ne daga cikin waɗannan ba ya cikin ayyukan manaja a wurin Fayol? Zaɓi na A shiri, na B daidaitawa, na C samar da ma'aikata, na D bin diddigi. Takardar amsoshi ta ce C. Ɗaliba ta buɗe handawut ɗin da ta yi hoton kwafinsa a bakin ƙofar makaranta, ta ga kanun da ya ce ayyuka biyar na Fayol, a ƙasansa kuma an jera shiri, tsara aiki, samar da ma'aikata, jagorantar aiki da bin diddigi. Daidaitawa ba ta nan. Bisa wannan takarda amsar ita ce B, don haka sai ta ɗauki biro ta soke C, tana ganin masu buga littafi ne suka yi kure.

Kafin a soke komai, matakin farko shi ne a koma kan tambayar a karanta ta kalma bayan kalma, a ga ko ta ambaci sunan wani. Wannan ta ambata. Da zarar an ce "a wurin Fayol", tambayar ta tashi daga ra'ayi ta koma tarihi: abin da mutumin ya rubuta ake nema, kuma wannan abu ne da za a iya dubawa. Matsayin lakcara ko kaurin littafi ba su da hurumi a nan.

Mataki na biyu shi ne a jera lissafin biyu gefe da gefe a takarda ɗaya, a ja layi tsakanin waɗanda suka dace. Shiri, tsara aiki da bin diddigi suna ko'ina. Ba da umarni da jagorantar aiki 'yan uwa ne, bambancinsu na zamani ne da salon magana. Abin da ya rage babu abokin haɗi shi ne daidaitawa a gefe ɗaya da samar da ma'aikata a ɗaya gefen. Wannan ragowar ita ce take nuna mai jerin. Fayol ya ware daidaitawa a matsayin aiki mai zaman kansa, amma batun ɗaukar ma'aikata da horar da su ya sa shi ƙarƙashin tsara aiki, domin a wurinsa tsarawa ta haɗa kaya da mutane. Koontz da O'Donnell sun yi akasin haka: sun ware samar da ma'aikata, suka ɗauki daidaitawa a matsayin ruhin da yake ratsa dukan sauran ayyukan. Ke nan jerin da yake cikin handawut na Koontz da O'Donnell ne aka ɗora masa sunan Fayol. Takardar amsoshi ta yi gaskiya, C ce amsa.

Irin wannan kuskure ba lallai ya zama alamar rashin sani ba. Handawut taƙaitawa ce, galibi an tattaro ta daga littattafai biyu ko uku, ana kuma sake buga ta shekara bayan shekara. Ya isa a ce an share layi ɗaya wajen gyara, kanun wani sashe ya hau kan jerin wani.

Don a tabbatar, ana neman shaida ta uku wadda ba ta kwafi ɗayan biyun ba. Mafi ƙarfi ita ce littafin Fayol kansa, wanda fassarar Ingilishi ta Constance Storrs ta fito a 1949. Ɗaliban Nijar da suke karatu da Faransanci suna iya duba asalinsa kai tsaye. Idan bai samu ba, sai wani littafin karatu na marubuci dabam, a babin tarihin gudanarwa. Shafukan intanet guda goma masu jimla iri ɗaya shaida ɗaya ce, don juna suke kwafa.

Takardar amsoshi ma tana kuskure, kuma nata yana da kamanni. Idan an sake bugun littafi aka jujjuya zaɓuɓɓuka ba a gyara jerin baya ba, harafin da ta nuna zai faɗa kan abin da babu wani marubuci da zai yarda da shi, kamar ta ce shiri ba ya cikin ayyukan manaja. Idan kuma amsoshi huɗu ko biyar a jere duk sun karkace, sai a duba ko lambobin ne suka goce da layi ɗaya. Amsar da ta saɓa wa babin littafin da kansa ita ma abar tuhuma ce.

Akwai yanayin da duk wannan bincike ba zai raba gardama ba. Idan tambaya ta ce kawai "ayyukan manaja nawa ne?" ta ba da uku, huɗu, biyar da bakwai, to uku daga cikin zaɓin suna da marubucin da ya tsaya musu. Laifin na tambayar ne. A jarrabawar cikin makaranta, wanda ya koyar shi yake shirya jagoran ba da maki, saboda haka jerin da aka koyar a aji shi ne mafi kusa da abin da ake so. A jarrabawar wata hukuma ta waje, manhajarta da littattafan da ta amince da su ake bi. Idan tambayar ta rubutu ce, ɗalibi yana da sarari: ya rubuta cewa Fayol ya kawo biyar a 1916, ya jera su, sannan ya nuna yadda na baya suka sauya su.

Saura batun kai maganar ga lakcara, wanda ya kamata a yi tun kafin jarrabawa, domin sauran 'yan aji da takarda ɗaya suke karatu. Ana zuwa da littafin, da lambar shafi da shekarar bugu, da handawut ɗin a buɗe, a ce: "Malam, na ga littafi ya sa daidaitawa a jerin Fayol, a nan kuma samar da ma'aikata na gani, wanne za mu bi?" Idan ya gyara, sai wakilin aji ya sanar da kowa, a rubuta gyaran a gefen shafin tare da ranar da aka yi shi.