Jarin kamfani ya ƙaru, amma daga ina?

Yawancin masu hannun jari, idan rahoton shekara ya iso hannunsu, shafin riba suke fara dubawa. Sai dai can gaba kaɗan akwai wani jadawali da ake kira bayanin sauye-sauyen jarin masu kamfani, wanda ƙa'idar IAS 1 ta wajabta a fitar da shi. Jarin da ake nufi a nan shi ne abin da zai saura wa masu kamfani idan aka cire basussuka daga kadarori. Jadawalin yana farawa da jarin farkon shekara, ya ƙare da na ƙarshenta, ya nuna duk abin da ya shiga ko ya fita a tsakani.

A ɗauki misalin wani kamfanin casar shinkafa da ya buɗe shekara da jarin naira miliyan 500. Ya ci ribar miliyan 120 bayan haraji, ya raba wa masu hannun jari miliyan 50. Ya sayar da sabbin hannayen jari na miliyan 80. Sannan masana suka sake yi wa filin masana'antar kuɗi, darajarsa ta hau da miliyan 150. Da aka rufe littafi, jari ya kai miliyan 800.

Ƙarin miliyan 300 abin a yi murna ne a ido, amma miliyan 70 kacal ne gumin kamfanin, wato ribar da ta rage bayan rabo. Miliyan 80 daga aljihun masu zuba jari ta fito. Ita kuwa miliyan 150, ko sisi bai shiga asusu ba: fili yana nan inda yake, farashinsa ne ya canza a takarda. Shi ya sa akantoci ba sa haɗa ta da ribar shekara, gurbinta daban.

Hannayen jarin kyauta ma sukan ruɗi mutane. Ana ɗebo su ne daga ajiyar kamfani a mayar gurbin hannun jari, jimilla ba ta motsi.

Wannan rarrabewa ba ƙaƙale ba ce. A watan Maris na 2024, Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna masu lasisin ƙasa da ƙasa su kai jarinsu naira biliyan 500, ya kuma ce kuɗin da masu hannun jari suka biya kaɗai zai lissafa, ban da ribar da aka tara. Bankunan da suka tara riba mai yawa dole suka fita kasuwa neman sabon kuɗi.

Mai karatu zai iya gwada jadawalin da kansa. Ribar da ke ciki ta yi daidai da ta shafin riba da asara, jimillar ƙarshe ta yi daidai da ta shafin kadarori da basussuka. Idan kuwa jarin farkon bana ya saɓa da na ƙarshen bara, to an gyara wani tsohon kuskure ko an sauya tsarin lissafi, kuma wajibi ne kamfanin ya yi bayanin dalili a cikin rahoton.