Abin da 2.50 ba ya faɗa a babi na huɗu

A tsangayoyin ilimi na jami'o'in Najeriya, ɗalibin da ya raba wa malaman makaranta takardun tambayoyi yakan ɗauka wahala ta ƙare ranar da ya karɓo su. Sai ya zauna rubuta babi na huɗu na kundinsa, inda ake gabatar da sakamako, ya tarar da tulin takardu suna jiran ya mayar da su tebur.

Yawancin takardun suna bin ma'aunin da Rensis Likert ya fito da shi a 1932. A rubuta jimla, malami ya zaɓi matsayinsa a kanta. Wanda aka fi amfani da shi a nan mai hawa huɗu ne: na yarda ƙwarai maki 4, na yarda 3, ban yarda ba 2, sam ban yarda ba 1. In ka haɗa makin huɗun ka sami 10, ka raba gida huɗu ka sami 2.50. Daga nan ƙa'idar da ɗalibai suka haddace ta samo asali: jimlar da matsakaicinta ya kai 2.50 an yarda da ita, wadda ta gaza an ƙi ta.

Kafin a kai ga wannan, a fara da ƙirga. Mu ƙaddara an raba takardu 120, aka dawo da 108, takwas daga ciki ba a cike su yadda za su amfanu ba. Saura 100, kuma a kansu za a yi kowane lissafi. A faɗi haka a farkon babin.

Jimla ta farko ta ce, "Cunkoson aji yana hana ni duba aikin gida." Malamai 45 sun yarda ƙwarai, 35 sun yarda, 15 ba su yarda ba, 5 sam ba su yarda ba. Ninka kowane adadi da makinsa: 180, 105, 30 da 5. Sun tashi 320, a raba wa mutum 100, matsakaici 3.20. Kashi 80 cikin ɗari suna gefen yarda. A nan matsakaici da ƙirga bakinsu ɗaya.

Jimla ta biyu ita ce abin lura: "Ina samun littattafan koyarwa a kan lokaci." Arba'in sun yarda ƙwarai, 12 sun yarda, 8 ba su yarda ba, 40 sam ba su yarda ba. Makin ya tashi 252, matsakaici 2.52. Bisa ƙa'ida ɗalibi zai rubuta "an yarda" ya wuce abinsa. Amma dubi adadin da kyau. Malamai 80 suna can ƙarshen bangarori biyu, ashirin kaɗai ne a tsakiya. Da malami ɗaya cikin waɗanda suka yarda ƙwarai ya koma ɗaya ƙarshen, matsakaicin zai sauka zuwa 2.49, hukuncin ya juye. Rubuta "malamai suna samun littattafai a kan lokaci" danne muryar mutum 48 ne da suka ba da lokacinsu suka ce ba haka ba ne, kuma ni a wurina wannan rashin adalci ne gare su.

Abin da ke tona irin wannan rabuwar kai shi ne ma'aunin watsuwa, wanda SPSS ke nunawa da sunan Std. Deviation. Yana faɗa maka yadda amsoshi suka yi nisa da matsakaici. A jimla ta farko 0.88 ne, a ta biyu 1.37, alhali a ma'auni mai hawa huɗu iyakarsa wajen 1.5 ce. Wanda ba shi da SPSS, Excel ya wadatar. In amsoshin suna layin B:

```
=AVERAGE(B2:B101)
=STDEV.S(B2:B101)
=COUNTIF(B2:B101,4)
```

Na ƙarshen yana ƙirga waɗanda suka zaɓi 4, sai a sauya lambar don sauran. Gurbin da malami bai amsa ba a bar shi fayau. In aka sa masa sifili, Excel zai ƙirga shi a matsayin amsa ya ja matsakaicin ƙasa.

Saboda haka teburin ya ɗauki adadin kowace amsa da kasonta cikin ɗari, sannan matsakaici da ma'aunin watsuwa. A ƙarƙashinsa kuma kada a maimaita lambobin da mai karatu ke gani da idonsa. A ce malaman da aka tambaya sun rabu kusan gida biyu, kashi 52 da kashi 48, kuma akasarinsu sun zaɓi amsa mafi tsanani. Daga nan a koma sashen farko na takardar, inda aka tambayi malami ko a birni yake koyarwa ko a karkara, a makarantar gwamnati ko ta kuɗi, a fitar da adadin kowane rukuni daban. Idan arba'in ɗin da suka ce sam ba sa samu kusan duk daga rukuni ɗaya suka fito, to a ba su nasu teburin.