Kiriyatin da jikin mace: abin da yake yi da abin da ba ya yi

Garin kiriyatin ya daɗe a hannun samari masu ɗaga ƙarfe, amma a 'yan shekarun nan ya shigo hirar mata. Wata ta ji an ce yana mayar da jikin mace irin na ƙato, wata ta ji an ce yana rikita al'ada, wata kuma mai sayarwa ya rantse mata cewa maganin raunin ƙashi ne. Duka maganganun nan uku an gwada su a kan mata, kuma sakamakon ya nuna abu guda: kiriyatin mataimakin tsoka ne idan tana aiki. Tsoron da ake ji ya wuce haɗarinsa, kuma tallar da ake masa ta wuce amfaninsa.

Mene ne shi?

Kiriyatin ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam. Hanta da ƙoda suna haɗa kusan giram 1 a kullum, sauran kuma yana shigowa ta nama da kifi. Kilo guda na ɗanyen naman shanu yana ɗauke da giram 4 zuwa 5. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel Eugène Chevreul, shi ya fara gano shi a cikin nama a 1832, amma sai bayan gasar Olamfik ta Basalona a 1992 garinsa ya bazu a tsakanin 'yan wasa.

Kusan kashi 95 cikin 100 na kiriyatin ɗin jiki yana cikin tsoka. Aikinsa kamar na batirin ajiya ne da ke karɓar aiki nan take idan an ɗauke wuta. Duk lokacin da tsoka ta yi yunƙuri mai ƙarfi, kamar ɗaga jarka ko hawa bene da sauri, makamashin da ke hannunta yana ƙarewa cikin 'yan daƙiƙu, sai ajiyar kiriyatin ta cike gurbin. Wadda ta ƙara wannan ajiya takan iya ƙara ɗagawa ɗaya ko biyu kafin hannu ya gaji. Wannan ɗan ƙarin, idan ya taru mako bayan mako, shi ne yake zama ƙarfi. Saboda haka wadda take sha tana zaune ba ta ba shi aikin da zai yi ba.

Zai mayar da ni namiji?

Babban abin da ke gina manyan damatsan maza shi ne sinadarin testosteron, wanda yawansa a jinin namiji ya ninka na mace fiye da sau goma. Kiriyatin ba ya cikin dangin wannan sinadari. Ba ya kawo gemu, ba ya sauya murya, kuma hukumar hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ba ta haramta shi ba.

A 1997 masu bincike a ƙasar Beljiyam suka sa 'yan mata da ba su saba atisaye ba ɗaga nauyi na mako 10. Wasu suna shan kiriyatin, wasu suna shan garin da babu komai a cikinsa. Dukansu sun ƙara ƙarfi, amma ƙarin masu kiriyatin ya ɗara na sauran da kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Tsokarsu ma ta ƙaru, sai dai ƙarin ɗan kaɗan ne da ya bazu a duk jiki.

Abin da yake firgita mata shi ne sikeli. Kiriyatin yana jan ruwa ya shiga tsoka, don haka a makon farko nauyi kan iya hawa da rabin kilo zuwa kilo 2, musamman ga wadda ta fara da yawa. Ruwa ne, ba kitse ba, kuma hawan yana tsayawa. Idan aka daina sha, ajiyar takan koma yadda take cikin mako 4 zuwa 6.

A nan akwai gargaɗi ga masu neman ƙiba. Kiriyatin ba ya ciko da ƙirji ko ƙugu, domin ba ya ƙara kitse. Haka kuma kada a haɗa shi da ƙwayoyin ƙiba irin su deksametason da wasu mata suke sha ba da izinin likita ba. Waɗannan suna kumbura fuska da ciki, suna tayar da sukari da hawan jini, kuma suna cinye ƙashi. Babu abin da ya haɗa su da kiriyatin.

Batun al'ada

Bayan fitar ƙwai, a kusan kwana 14 na ƙarshe kafin zuwan jini, sinadaran mace suna sauyawa, kuma mata da yawa suna jin kumburin ciki da nauyin jiki. Tambayar ita ce ko kiriyatin zai ƙara wannan kumburi. A wani gwaji da aka buga a 2023 daga Jami'ar North Carolina a Amurka, an ba mata giram 20 a kullum na kwana 5 a matakai daban-daban na wata. Ruwan jikinsu ya ƙaru a wannan zango na kafin al'ada, amma nauyinsu a sikeli bai nuna wani bambancin kirki ba. Gwajin ƙarami ne, don haka bai isa a gina manyan alkawura a kansa ba, amma ya rage tsoro.

Babu buƙatar dainawa idan jini ya zo, kuma babu hujjar sauya ma'auni da kwanakin wata. Babu kuma gwajin da ya tabbatar cewa yana maganin ciwon mara ko yana daidaita al'ada. Idan al'ada ta ɗauke bayan mace ta shiga atisaye mai tsanani, a fara duba ciki, sannan a duba abinci, domin yawan motsa jiki tare da ƙarancin ci yana tsayar da al'ada, kuma yana raunana ƙashi. Wadda take zubar da jini da yawa, tana fama da kasala da jiri, gwajin ƙarancin jini take buƙata, ba garin kanti ba.

Ƙashi: inda talla ta wuce gona da iri

Idan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, sinadarin istirojin yana raguwa, ƙashi kuma ya riƙa zubewa da sauri. Inda aka fi jin tsoro shi ne wuyan ƙashin cinya, wajen da yake shiga ƙugu, domin karayarsa takan kwantar da tsohuwa har ta kasa tashi.

A 2015 Farfesa Philip Chilibeck na Jami'ar Saskatchewan a Kanada ya buga sakamako mai faranta rai. Matan da suka daina al'ada sun yi shekara guda suna ɗaga nauyi. Masu shan kiriyatin sun rasa kusan kashi 1 cikin 100 na kaurin wannan ƙashi, sauran kuma kusan kashi 4. Amma matan ba su kai 50 ba. Da aka sake gwajin da mata 237 na tsawon shekara 2, aka buga a 2023, sai aka ga kaurin ƙashin bai bambanta ba, illa ɗan inganci a siffar ƙashin da kuma saurin tafiya. A birnin Sao Paulo na Burazil ma an ba mata 200 giram 3 a kullum na shekara 2 ba tare da shirin atisaye ba, ƙashinsu bai amfana da komai ba.

Hukuncin a fili yake: kiriyatin ba maganin zubewar ƙashi ba ne. Taimakonsa ta bayan gida yake zuwa, domin ƙafa mai ƙarfi tana rage faɗuwa. Abin da ƙashi yake buƙata shi ne ɗaukar nauyi, hasken rana, da abinci mai kalsiyam irin su nono, kindirmo, zogale da ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu. Wadda likita ya rubuta wa maganin ƙashi kada ta ajiye shi.

Yadda ake yi a aikace

Mu ɗauki misalin mace mai shekara 52, mai nauyin kilo 65, wadda al'adarta ta ɗauke, kuma ba ta da ciwon ƙoda. Matakin farko shi ne atisaye sau 2 ko 3 a mako: tashi da zama daga kujera sau 10, ɗaga jarka mai lita 5 sau 10, tura bango da hannu sau 10, kowanne a maimaita shi zagaye 3. Idan ya yi sauƙi sai ta ƙara nauyi.

Idan ta riƙe wannan na wata guda, sai ta nemi nau'in da ake kira kiriyatin monohaidiret, wanda aka fi gwadawa kuma ya fi araha. Ta duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ta tabbata babu wani haɗi a ciki. A masana'anta ake haɗa garin, ba daga dabba ake ciro shi ba, amma ɓawon kafso yakan zama na jelatin, don haka gari ya fi kwanciyar hankali ga mai kula da halal.

Ma'auninta giram 3 zuwa 5 ne sau ɗaya a rana, a ruwa ko a kunu, har ranar da ba ta atisaye. Roba mai giram 300 za ta kai ta kwana 60 zuwa 100. 'Yan wasa sukan fara da giram 20 a rana na kwana 5 zuwa 7, amma ita ba ta buƙata, domin giram 3 a kullum yana cika tsoka cikin kusan mako 4, kuma ya fi sauƙi ga ciki. A watan azumi ta sha bayan buɗa-baki.

Ta yaya za ta gane yana aiki? Ta rubuta sau nawa take iya tashi daga kujera cikin daƙiƙa 30 a ranar farko, ta sake ƙirgawa bayan mako 8. Mai al'ada kuma ta riƙa hawa sikeli a rana iri ɗaya ta kowane wata, kada kumburin kafin jini ya rikita ta. Wasu ba sa ganin bambanci sosai, musamman masu cin nama da yawa, domin tsokarsu ta kusa cika tun farko. Idan gudawa ko murɗar ciki ta zo, yawanci an sha da yawa lokaci guda ne, sai a rage a sha da abinci. Kumburin ƙafa ko fuska kuwa ba aikin kiriyatin ba ne, a daina a je asibiti.

Kafin gwajin ƙoda, ta gaya wa likita tana sha, domin jiki yana mayar da shi kiriyatinin, wanda shi ake aunawa a jini, kuma zai iya ɗagawa alhali ƙodar lafiya lau take. Mai ciwon ƙoda kada ta sha. Mai ciwon sukari ko hawan jini ta fara gwada ƙodarta. Mai ciki da mai shayarwa su dakata, domin ba a yi isassun gwaje-gwaje a kansu ba.

'Yar'uwa, idan kuɗin hannunki ba zai isa abinci mai gina jiki da garin kiriyatin gaba ɗaya ba, ki zaɓi abincin. Ki fara motsa jiki tun yau, ko da a tsakar gida ne. Garin yana iya biyo baya idan hali ya yi, amma ba zai ɗaga miki jarkar ba.