Hutun Da Ya Rage Ba Ya Biyan Notis Sai Da Yardar Wurin Aiki

Akwai wata shawara da ke yawo a ofisoshi da kamfanoni, kuma masu ba da ita suna faɗinta da ƙarfin gwiwa kamar sun karanto ta a kundin doka. Suna cewa in ka samu sabon aiki, ka rubuta takardar ajiye aiki, ka ƙirga kwanakin hutun shekara da suka rage maka, ka cire su daga kwanakin notis, ka kama gabanka. Hujjarsu ita ce hutu haƙƙinka ne, ba wanda ya isa ya hana ka. Wannan shawara ta jawo wa mutane da yawa asarar albashin ƙarshe da ɓacin suna, alhali masu ba da ita ba sa nan ranar da ake lissafi. Rabin maganar gaskiya ne, domin hutu haƙƙi ne. Amma kasancewarsa haƙƙi bai ba ma'aikaci ikon zaɓar wa kansa ranar da zai tafi ba, balle a cikin wa'adin da ya yi alkawarin tsayawa ya miƙa aiki.

Notis shi ne wa'adin da ke tsakanin ranar da aka sanar da ajiye aiki da ranar da aikin zai ƙare. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya tsara mafi ƙarancinsa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, sai wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Notis ɗin mako ɗaya zuwa sama dole ya zama a rubuce, kuma ranar da aka miƙa shi ba ta cikin lissafi. Sashe na 18 kuma ya ba ma'aikaci hutun aƙalla kwanakin aiki shida da cikakken albashi bayan wata 12 yana aiki ba yankewa. Yawancin takardun ɗaukar aiki suna ba da fiye da haka a ɓangarorin biyu, kuma dokar ba ta haɗa da masu muƙaman gudanarwa da na ƙwararru ba, waɗanda takardar kwantiraginsu ce ke hukunci a kansu.

Wanda ya karanta sassan nan biyu zai ga ba inda aka ce ɗaya yana goge ɗaya. Hutu bashi ne da ma'aikaci yake bin wurin aiki, notis kuma bashi ne da wurin aiki yake bin ma'aikaci, kuma ba abu iri ɗaya ake bin juna ba. Abin da kamfani yake nema a wa'adin notis shi ne mutumin da kansa, ya zauna ya nuna wa magajinsa inda aka kwana, ya miƙa makullai da fayiloli, a ƙirga kayan da ke hannunsa yana tsaye. Kwanakin hutu ba za su ƙirga buhunan da ke sito ba. Shi ya sa a ko'ina aka saba sai an cike takardar neman hutu, shugaba ya sa hannu, kafin a tafi. Abin mamaki shi ne mutumin da ya shekara huɗu yana bin wannan ƙa'ida ba gardama, ranar da ya miƙa takardar murabus sai ya ɗauka ƙa'idar ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Har zuwa ranar ƙarshe ta notis shi ma'aikaci ne, albashinsa na tafiya, dokokin wurin kuma suna kansa.

Masu gardama sukan ce to ai zalunci ne a hana mutum hutun da ya yi wa gumi. Da hana hutun yana nufin ya salwanta, da maganarsu ta tsaya. Amma dokar ta buɗe wata ƙofa a daidai wannan gaɓar. Sashe na 18 ya haramta wa wurin aiki ya biya kuɗi a madadin hutun da doka ta wajabta matuƙar kwantiragi bai ƙare ba, saboda kada a riƙa saye hutun mutane suna aiki ba numfashi. Idan aiki ya zo ƙarshe kuwa, hutun da ba a ci ba yana iya komawa kuɗi. Saboda haka manajan da ya ce ba zai sake ka a makonnin ƙarshe ba, amma za a biya ka kwanakin, bai cinye maka komai ba. Wanda ya hana hutun kuma ya hana kuɗin, shi ne ya taka haƙƙi, kuma irin wannan ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraronta.

Mu ɗauki misalin mai kula da sito a wani kamfani, wanda ya fara aiki a watan Janairu shekara shida da suka wuce. Tsurar albashinsa, ban da alawus, naira 110,000 ne a wata. In aka raba da kwanakin aiki 22, kowace rana ta kama naira 5,000. Takardarsa ta ba shi hutun kwanakin aiki 24 a shekara, wato biyu a kowane wata, da notis na wata ɗaya. Ya miƙa takarda ranar 31 ga Agusta, don haka aikinsa zai ƙare ranar 30 ga Satumba. Kuskuren farko da yakan yi shi ne ya ce yana da kwana 24, ya ci takwas lokacin Sallah, saura 16. A mafi yawan wurare ana lissafa hutun shekarar ƙarshe ne gwargwadon watannin da aka yi. Wata tara sun tara masa kwana 18, a cire takwas, saura goma. In ya tafi da lissafin 16, kwana shida daga ciki fashin aiki ne tsagwaronsa, ko da an amince masa da hutun.

Idan ya nema aka yarda, zai yi aikin kwana 12, ya huta goman ƙarshe, ya karɓi cikakken albashin Satumba, kuma ranar barin aikinsa tana nan a 30 ga wata. Idan aka ƙi, zai yi kwana 22 cur, a ƙara masa naira 50,000 kuɗin kwana goma, in takardarsa ta tanadi haka. Idan kuma ya tafi ba izini, a nan ne masu wayo suke kawo hujjarsu mafi ƙarfi. Suna cewa kamfani yana binsa naira 50,000 na kwana goman da bai cika ba, shi ma yana bin kamfani naira 50,000 na hutu, an tashi canjaras, ina asarar? Lissafin yana da kyau a baki, amma ya dogara ne a kan cewa ɓangarorin biyu nauyinsu ɗaya, alhali sau da yawa ba haka ba ne. Akwai kwantiragin da ya ce wanda bai cika notis ba zai biya albashin wata guda cif, ba na kwanakin da suka rage kawai ba, wato naira 110,000. Akwai kuma wanda bai yi alkawarin biyan kuɗin hutun da ya haura na doka ba. In haka ne, abin da sashe na 18 ya lamunce wa wanda ya yi aƙalla wata shida tun lokacin da ya cancanci hutu na ƙarshe shi ne kason albashin mako ɗaya gwargwadon watannin da ya yi. Ga mutuminmu, albashin mako naira 25,000 ne, kashi tara cikin 12 kuwa naira 18,750. Ga ratar da ke tsakanin 110,000 da 18,750, kuma tun ba a zo maganar takardar sallama da shaidar aiki ba, waɗanda sabon wurin aiki kan nema, ko rubuta wa mutum a fayil cewa ya gudu ya bar aiki. Mai sito da ya tafi ba a ƙirga kaya a gabansa ba, duk giɓin da aka gano daga baya sunansa za a fara kira.

Gaskiya ne wasu shugabanni suna ƙin sa hannu a takardar neman hutu don huce haushi kawai, wannan ma mugun hali ne.

Hanyar da ta fi tsira ba ta da wuya, sai dai tana son a bi ta a jere. Kafin a rubuta komai, a ɗauko takardar ɗaukar aiki da littafin dokokin ma'aikata a duba abu uku: tsawon notis, ko an hana hutu a cikinsa, da yadda ake biyan hutun da ya rage. Daga nan a nemi sashen kula da ma'aikata ya ba da adadin kwanakin a rubuce, domin lissafinsu ne za a yi aiki da shi, ba na ƙwaƙwalwar mutum ba. Takardar ajiye aiki ta tsaya a kan abu ɗaya, ta ambaci ranar ƙarshe ta cikakken notis. Neman hutun ya zo a takarda dabam, a rana ɗaya in ya yiwu, da ranakun farawa da ƙarewa. Amfanin raba su shi ne in aka ƙi hutun, murabus ɗin yana nan daram, ba wanda zai ce notis ɗin ya gaza. A cikin takardar neman hutun a bayyana wanda za a miƙa wa aiki da ranar da za a gama miƙawa, a kuma rufe da cewa in ba a amince ba ana roƙon a biya kwanakin tare da albashin ƙarshe. Shugaban da ya ga an riga an warware masa matsalarsa ya fi saurin sa hannu a kan wanda aka ajiye wa takarda aka juya baya.

Amsar baka ba amsa ba ce. “Ba komai, je ka” da oga ya faɗa a bakin ƙofa ba ta shiga fayil, kuma ogan yana iya sauya wurin aiki kafin a yi lissafin ƙarshe. A samu sa hannu ko saƙon imel, a ajiye kwafi a gida. Shiru kuma ba yarda ba ne, in ranar ta zo ba a amsa ba, a je aiki a sake tuntuɓa.

Saura abin da ya fi kama mutane: fara sabon aiki a cikin kwanakin hutun. Mai hutu bai bar aiki ba tukuna, kuma kwantiragi da yawa sun hana yi wa wani wuri aiki a lokaci guda, musamman abokin gogayya. Wanda ainihin buƙatarsa ita ce ya fara sabon aiki ranar 15 ga Satumba, ba hutu ya kamata ya nema ba. Ya nemi a rage masa notis. Sashe na 11 ya yarda kowane ɓangare ya yafe haƙƙinsa na notis ko ya karɓi kuɗi a madadinsa, kuma a wannan lissafin tsurar albashi ake dubawa, ban da kuɗin ƙarin lokaci da alawus. A nan ne za a iya yin yarjejeniya a rubuce cewa an mayar da ranar ƙarshe 14 ga Satumba, kuɗin hutun kwanakin da suka rage ya tafi a madadin kwanakin notis da aka yafe. Sai dai a sake ƙirga hutun, domin wanda ya bar aiki a tsakiyar Satumba wata takwas da rabi ya yi a shekarar, kwanakinsa sun koma 17, abin da ya rage masa tara ne.