Kalmar Sirrin da Ba a Iya Cinka: Yadda Ake Haɗa Ta da Python

Mutane da yawa idan aka ce su zaɓi kalmar sirri, sai su ɗauko sunan ɗansu, ko na garinsu, su manna shekarar haihuwa a ƙarshe. Masu kutse sun san da wannan ɗabi'a, kuma da irin waɗannan kalmomi suke fara gwaji. Kwakwalwar ɗan Adam ba ta iya zaɓen kan mai uwa da wabi ba, kullum tana karkata ga abin da ta saba. Shi ya sa ya fi kyau a bar wa kwamfuta aikin, kuma 'yan layuka kaɗan na harshen Python sun isa.

Ga shirin gaba ɗayansa. A rubuta shi a cikin fayil, a sa masa suna `kalma.py`:

```python
import secrets
import string

haruffa = string.ascii_letters + string.digits
kalma = "".join(secrets.choice(haruffa) for _ in range(16))
print(kalma)
```

Sai a kunna shi da umarnin `python kalma.py`, ko `python3 kalma.py` a wasu kwamfutocin. Layin `haruffa` yana tara manyan haruffan boko 26, ƙanana 26, da lambobi 10, jimilla 62. Layin da ke biye yana yin abin da ake yi wajen jefa ƙuri'a: a sa hannu cikin ƙwarya a zaro ɗaya, a rubuta, a mayar, a sake zarowa, har sau 16. Kowane harafi damarsa daidai take da ta ɗan'uwansa a kowane zagaye.

Jigon maganar yana ga kalmar `secrets`. Python yana da wani kunshi mai suna `random` wanda shi ma yake da `choice`, kuma idan aka musanya su shirin zai yi aiki, ya fitar da kalma mai kama da ta kirki. A nan haɗarin yake, domin ido ba ya bambance su. Shi `random` yana tafiya ne bisa wani lissafi da ake kira Mersenne Twister, wanda masana biyu 'yan Japan, Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura, suka ƙirƙiro a 1997. Lissafin yana da kyau wajen wasanni da gwaje-gwajen kimiyya, amma kowace lamba da ya fitar tana da alaƙa da waɗanda suka gabace ta. Wanda ya samu cikakkun lambobi 624 a jere daga gare shi zai iya gano duk masu zuwa. Idan kuma mai shirin ya ɗora mafarin lissafin a kan lokacin agogo, abin ya ƙara muni, tunda mai kutse zai bi daƙiƙoƙin ranar ne ɗaya bayan ɗaya.

Shi kuwa `secrets`, wanda ya shigo tare da Python 3.6 a 2016, ba ya yin lissafin kansa. Yana karɓar lambobinsa ne daga babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, wadda ke da mashiga ta musamman da aka gina domin aikin tsaro. Ko an ga abin da ya fito jiya, ba zai taimaka wajen cinkar na yau ba.

Me ya sa 16? A ce ɓarawo ya sace ma'ajiyar wani shafi, yana da na'urar da ke gwada kalmomi biliyan 10 a daƙiƙa guda. Kalma mai haruffa 8 daga cikin 62 tana da yiwuwa kusan tiriliyan 218, kuma zai gama su duka cikin kimanin awa 6. Idan haruffan suka kai 16, zai buƙaci sama da shekara biliyan 100. A ganina tsawo ya fi tarkacen alamomi amfani, ko da yake wanda shafinsa ya nace sai da alama zai iya ƙara `string.punctuation` a layin `haruffa`, su zama 94.

Akwai tuntuɓe biyu da masu koyo kan yi. Na farko, sanya wa fayil ɗin suna `secrets.py` ko `random.py`. Python zai ɗauko fayil ɗinka a maimakon nasa, shirin ya tsaya, yawanci da saƙon `AttributeError`. Sauya suna kawai ne maganinsa. Na biyu, wani lokaci kalmar kan fito babu lamba ko ɗaya, kamar sau 6 cikin 100, shafin kuma ya ƙi karɓa. Kada ka gyara ta da hannunka ta hanyar manna shekarar haihuwarka. Sake kunna shirin, ka ɗauki sabuwa.

Irin wannan kalma ba ta haddatuwa cikin sauƙi, don haka a adana ta a manhajar ajiyar kalmomin sirri, ko a littafin da ke cikin akwati mai makulli a gida. Kada a haɗa ta a kwamfutar shagon intanet ko ta aro, kada a tura ta ga kowa ta saƙo. Kowane asusu a ba shi tasa daban, a kuma fara da na imel, domin ta nan ake sake buɗe sauran idan an manta.