Faɗuwar Farashi ta Bai-ɗaya: Darasi daga Arewacin Kamaru, 1986 zuwa 1994

1.0 Gabatarwa

Duk mai zuwa kasuwa yana son ya tarar da kaya sun yi sauƙi. Saboda haka idan aka ce masana tattalin arziki suna tsoron faɗuwar farashi kamar yadda suke tsoron hauhawarsa, sai abin ya zo wa mutane da mamaki. Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin bayyana dalilin wannan tsoro, ta hanyar duba abin da ya faru a arewacin Kamaru, daga Garwa har zuwa Kolofata da ke bakin iyakar Nijeriya, tsakanin 1986 da 1994. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, kuɗin da mai saye ya biya shi ne kuɗin shigar mai sayarwa. Idan farashi ya faɗi ko'ina, kuɗin shigar jama'a ma yakan faɗi, amma bashin da ke kansu yana nan yadda yake.

2.0 Ma'anar Faɗuwar Farashi ta Bai-ɗaya

Ba kowace araha ce ake nufi a nan ba. Dawa da gero sukan yi araha da kaka, su yi tsada da damina, wannan kuwa juyin shekara ne da kowane manomi ya saba da shi. Haka kuma wayar hannu ta yi sauƙi bayan tsadar da ta yi a farkon zuwanta, don an sami hanyoyin ƙera ta da kuɗi kaɗan. Irin wannan araha alheri ce. Akwai kuma lokacin da hauhawar farashi ke rage gudu, misali daga kashi 20 cikin ɗari a shekara zuwa kashi 10. A nan kaya suna ƙara tsada ne har yanzu, sai dai a hankali.

Abin da ake nufi da faɗuwar farashi ta bai-ɗaya shi ne a ce yawancin kayayyaki da ayyuka, kamar abinci da tufafi da kuɗin haya da ladan ƙwadago, sun dinga sauka tare har tsawon watanni ko shekaru. Ana gane hakan ne ta hanyar bin farashin tarin kayan da magidanci ya saba saye, a kwatanta na bana da na bara. Mai lura kuma yana iya bambance araha mai kyau da mai cutarwa da idonsa. Idan kaya sun yi sauƙi kuma ciniki ya ƙaru, to yalwa ce ta kawo arahar. Idan kuwa kaya sun yi sauƙi amma kasuwa ta yi sanyi, 'yan kasuwa suna zaune babu masu taye, to ƙarancin kuɗi ne a hannun jama'a ya jawo ta.

3.0 Yadda Abin Ya Faru a Kamaru

Tun 1948 kuɗin sefa yake ɗaure da faran na Faransa a kan ƙima ɗaya, wadda daga baya ta zama daidai da sefa 50 a kan sabon faran ɗaya, kuma wannan ƙima ba ta canza ba har farkon 1994. A tsakiyar shekarun 1980 abubuwa uku suka haɗu wa Kamaru. Na farko, farashin man fetur ya rushe a kasuwar duniya a 1986, auduga da koko da kofi su ma suka faɗi. Na biyu, dalar Amurka, wadda da ita ake sayar da waɗannan kaya, ta rage daraja a kan faran, don haka kowace dala da ƙasar ta samu sefa kaɗan take kawowa. Na uku, Nijeriya ta karya darajar naira a watan Satumba na 1986. Nairar da a 1985 ta ɗan fi dala ɗaya daraja, zuwa 1993 sai an ba da kusan 22 kafin a sami dala ɗaya a farashin gwamnati.

Wannan na ukun shi ya fi taɓa yankin Kolofata, wanda ke cikin gundumar Mayo-Sava, kusa da kasuwar Banki da Amchide da ke kan iyaka. Mai riƙe da sefa ya wayi gari kayan Nijeriya sun zame masa araha ƙwarai. Atamfa da sabulu da kayan roba da man fetur, wanda ake kira zuwa-zuwa a can, suka dinga kwarara zuwa Mora da Marwa da Garwa. Mai saye ya ji daɗi. Amma masana'antun cikin gida, irin su masaƙar CICAM da ke da reshe a Garwa, sun sha wuya wajen gogayya da waɗannan kaya.

Da yake ba a taɓa ƙimar sefa ba, hanyar da ta rage wa Kamaru ita ce ta sauke farashi da albashi a cikin gida. Alƙaluman farashin kayan masarufi sun nuna sauka a 1989, suka tsaya kusan wuri ɗaya daga 1990 zuwa 1992, sannan suka sake sauka da kimanin kashi 3 cikin ɗari a 1993. Jamhuriyar Nijar ma, wadda ke amfani da sefa kuma take maƙwabtaka da Nijeriya, ta ga saukar farashi a yawancin waɗannan shekaru.

4.0 Manomi da Bashinsa

Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 kuma hedikwatarsa ke Garwa, shi ke sayen audugar manoman arewacin Kamaru. Yakan ba su taki da maganin ƙwari bashi, ya cire kuɗinsa lokacin awo. A 1989 farashin da ake biyan manomi ya sauka daga sefa 140 zuwa sefa 95 a kan kilo. A wannan shekara kuma aka rage wa manoman koko na kudu daga sefa 420 zuwa 250.

Don a ga nauyin wannan ragi, a ɗauki misalin wani manomi a yankin Kolofata da ya sami kilo 1,000 na auduga, kuma a ƙaddara ana bin sa bashin taki na sefa 30,000. A tsohon farashi audugarsa za ta kawo sefa 140,000, a cire bashi, ya koma gida da 110,000. A sabon farashi kuwa za ta kawo 95,000, a cire bashin nan dai na 30,000, ya rage masa 65,000. Farashi ya sauka da kashi 32 cikin ɗari, amma abin da ya shiga aljihunsa ya ragu da kashi 41. A da kilo 214 ya isa ya biya bashin, yanzu sai ya ba da kilo 316. Babu wanda ya ƙara masa ko sefa ɗaya a kan bashin, duk da haka bashin ya ƙara nauyi.

Masanin tattalin arziki na Amurka, Irving Fisher, ya yi bayanin wannan tarko a 1933, bayan farashi ya sauka da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu a ƙasarsa daga 1929. Masu bashi sukan gaggauta sayar da abin da suka mallaka don su biya, yawan sayarwar ya ƙara karya farashi, bashin da ya rage ya ƙara nauyi. A Kamaru ma basussukan da aka kasa biya sun taimaka wajen durƙusar da bankuna da dama a ƙarshen shekarun 1980, abin da ya sa samun rance ya ƙara wuya.

5.0 Ciniki, Albashi da Jari

Manomin da kuɗinsa ya ragu ba zai daina cin abinci ba, domin babu mai ɗage tuwon yau zuwa baɗi. Abin da yake ɗagewa shi ne kwanon rufi da keke da garmar shanu da kayan ɗakin 'yarsa. Wannan ɗagewa kuwa asara ce ga maƙeri da tela da mai kanti, su ma sai su rage sayayyarsu. Wanda ke da ɗan kuɗi a hannu ma yakan jira, tunda yana sa ran abin zai ƙara sauƙi gaba. Ta haka ciniki ke mutuwa daga hannu zuwa hannu.

Albashi kuma ba ya sauka cikin sauƙi kamar farashin tumatir, saboda akwai yarjejeniya a kansa, kuma babu ma'aikacin da ke yarda a rage masa. Don haka kamfanin da cinikinsa ya ragu yakan fara da dakatar da ɗaukar ma'aikata, sai jinkirin biya, sai sallama. Gwamnati ma haka, domin harajin da take samu yana bin ciniki ne. A Kamaru an zaftare albashin ma'aikatan gwamnati sau biyu a 1993, a Janairu da Nuwamba, har da yawa daga cikinsu suka rasa fiye da rabin abin da suke karɓa. Saukar farashi ta kashi 3 ba za ta cike wannan giɓi ba. Kaya sun yi araha a kan takarda, amma ga malamin makaranta a Mora sun fi tsada, idan aka auna da abin da ke hannunsa.

Mai son zuba jari shi ma yana da nasa lissafi. A ƙaddara ɗan kasuwa a Garwa ya ci bashin sefa miliyan ɗaya don ya sayi injin niƙa, da kuɗin ruwa kashi 10 a shekara. Idan farashi na sauka da kashi 3, to nauyin ruwan na haƙiƙa ya kai kusan kashi 13, domin zai biya ne da kuɗin da ya fi wanda ya karɓa daraja, daga ladan niƙan da ke raguwa. A lokaci guda, wanda ya ɓoye kuɗinsa a akwati ya sami ribar kashi 3 ba tare da ya motsa ba. Idan ajiya ta fi aiki riba, ba a gina shago, ba a sayen inji, ba a ɗaukar yara aiki.

6.0 Mafita da Tsadarta

A ranar 12 ga Janairu, 1994, bayan taron shugabanni a Dakar, aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya ya koma sefa 100. Nan take kuɗin da auduga ke kawowa daga waje ya ninka idan aka mayar da shi sefa, aka ƙara wa manoma farashi, kayan Nijeriya kuma suka rage araha ga mai riƙe da sefa. Tattalin arzikin Kamaru ya fara farfaɗowa a shekarun da suka biyo baya. Sai dai maganin yana da ɗaci. Farashin kaya ya tashi da kimanin kashi ɗaya cikin uku a 1994, kuma ma'aikatan da aka riga aka rage wa albashi su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Tun 1999 sefa tana ɗaure da kuɗin yuro, a kan sefa 655.957.

Irin wannan darasi, tare da abin da ya sami Japan daga ƙarshen shekarun 1990, shi ya sa manyan bankunan ƙasashe da dama suka fi son farashi ya riƙa ƙaruwa kaɗan, kamar kashi 2 cikin ɗari a shekara, maimakon ya tsaya cak ko ya sauka.

7.0 Kammalawa

An ga cewa arahar da yalwar kaya ta kawo daban take da arahar da rashin kuɗi ya kawo. A ta biyun, kuɗin shiga kan faɗi fiye da farashin kaya, bashi ya ƙara nauyi, a ɗage saye, a rage albashi, jari ya tsaya. Saboda haka idan aka ji kaya sun yi sauƙi, akwai tambayoyi uku da ya kamata a yi kafin a yi murna. Shin ciniki ya ƙaru ko ya ragu? Kuɗin da ke shiga hannun manomi da ma'aikaci fa, ya tsaya ko ya faɗi? Sannan kilo nawa na amfanin gona ake buƙata bana don biyan bashin da aka ci bara?